Sashe na 4: Hujjar Farashin da Muka Sa

Wannan sashe ya shafi tayinmu na kawo takardar ofis A4, mai nauyin giram 80, rim 12,000, wato katan 2,400, a kashi huɗu cikin shekara guda. Farashin kowane rim yana cikin jadawalin Sashe na 3, kuma an ware haraji a layinsa daban. A nan muna so Kwamiti mai daraja ya ga yadda muka iso ga wannan farashi, da dalilin da ya sa ba za mu iya sauka ƙasa da shi ba.

A cikin kowane 100 na kuɗin da muka nema, 79 na masana'anta ne, kuɗin takardar ita kanta. Dako da lodi da saukewa har cikin sitonku sun ɗauki 7. Ajiya da inshora 3, hidimar ofis 2. Sai 4 da ke tafiya banki: kuɗin takardar lamunin cika aiki da kuka sharɗanta, da kuɗin da ake caji a kan jarin da za mu ranta, tun da mu muna biyan masana'anta kafin kaya su taso, ku kuma sai bayan kwana 30 da karɓa. Abin da ya saura mana 5 ne. Ita ce ribarmu.

A irin wannan aiki mun saba sa riba fiye da haka. Mun rage ta ne da gangan, domin mun san masu neman kwangilar suna da yawa, kuma muna son ta. Aikin shekara guda mai tabbataccen adadi yana ba mu damar yin oda a dunƙule, motocinmu su tashi a cike, shi ya sa muka ga za mu iya ɗaukar riba kaɗan. Amma daga aljihunmu muka rage, ba mu taɓa kayan ba.

A nan ne muke roƙon Kwamiti ya tsaya da kyau idan ya zo kwatanta farashi. Takarda a kan nauyi ake cinikinta tun daga masana'anta. Fallen A4 goma sha shida ne ke yin murabba'in mita ɗaya, don haka rim mai falle 500 na giram 80 yana da nauyin kilo 2.5, ban da marufi. Rim na giram 70 kuwa bai cika kilo 2.2 ba. A ido, cikin marufi, kusan babu bambanci, amma a rim 12,000 giɓin ya kai tan 3.75 na takarda. Duk tayin da ya faɗi ƙasa da namu da kashi 8 ko 10 cikin ɗari, ya kamata a tambayi mai shi daga ina ragin ya fito, domin ribar dillali a wannan kaya ba ta da wannan faɗin. Sau da yawa daga nauyi ne, ko daga adadin falle. Araha ba ta ado: takarda mara kauri tana nuna rubutu ta baya idan an buga fuska biyu, wasu injuna kuma sukan ja falle biyu a tare. Mu mun yarda mai kula da sitonku ya zaro duk katan ɗin da ya ga dama a kowace mota, ya ɗora rim a sikeli, ya ƙirga falle. Idan bai cika ba, a mayar mana da kashin gaba ɗaya, dakon a wuyanmu.

Riba ta 5 ba ta jure girgiza. Idan farashin masana'anta ya tashi da kashi 6.3 cikin ɗari kacal, ta tafi duka. Saboda haka za mu ba da kafin alƙalami mu ɗaure farashin kashi na ɗaya da na biyu, rim 6,000, da zarar an sa hannu, kuma ba za mu nemi ƙarin komai a kansu ba. A kashi na uku da na huɗu, mun ɗauki nauyin duk tashin da bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba, wanda shi kaɗai zai cinye kusan rabin ribarmu a kan waɗannan kashi biyu. Abin da ya haura haka ne kawai za mu gabatar muku tare da rasiɗin masana'anta, kuma idan farashi ya sauka fiye da wannan mizani, ragin naku ne.

Akwai hanya ɗaya da farashin zai ƙara sauka. Idan za ku iya biya cikin kwana 14 maimakon 30, abin da banki ke caji zai ragu, kuma za mu zaftare kashi 1 cikin ɗari daga kuɗin duk kashin da kuka biya a haka.

Wannan farashi yana nan daram har kwana 90 daga ranar buɗe tayi. Mun haɗa takardar farashin masana'anta da ta kamfanin dako a Rataye na 2, domin Kwamiti ya bi lissafin da kansa.