Neman izinin nuna wa Hajiya jakunkunan fata, ɗinkin Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiya Luba, ranki ya daɗe, barka da war haka. Da fatan kina lafiya tare da iyali, ya kasuwa, ya kuma haƙuri da zafin garinmu?

Sunana Nasiru, kuma Hajiya ba ta san ni ba, don haka a gafarce ni da na shigo ba tare da wani ya gabatar da ni ba. Adireshin imel ɗin nan a jikin ledar shagonki na titin Ahmadu Bello na gan shi, lokacin da aka haɗo lefen wata ƙanwarmu a wurinki.

Ni baduku ne, ɗan baduku. A shiyar Madunka muke aiki, ni da ƙannena biyu da yara uku masu koyo. Mahaifinmu titimi da kube da layun doki ya fi yi. Mu da muka taso sai muka karkata ga kayan mata: jakar hannu, 'yar ƙaramar jakar kuɗi, da takalmi silifa mai shiga da jakar.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, na ga akwatunan ƙanwar tamu, kuma duk wanda ya gani ya yaba zaɓin Hajiya, musamman atamfofi da lesuka. Jaka da takalmi kuwa duk na waje ne. Ban ga laifin hakan ba, abin da amare ke tambaya ke nan. Sai dai na yi tunanin ko a cikin saiti biyar ko shida da ake sa wa lefe za a samu gurbin guda ɗaya na gida.

Da fatar jar akuya muke aiki, wadda majema ke jeme mana da bagaruwa kamar yadda aka gada. Ita ce fatar nan da fatake ke ƙetara Sahara da ita a zamanin da, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, alhali daga ƙasarmu ta fito. Tana da laushi, ba ta saɓulewa kamar ta roba, kuma hannu na ƙara mata sheƙi in ana riƙe ta.

Na san abin da mata ke kuka da shi game da kayan dukawa, domin a gabana ake faɗa: wari, rinin da ke zuba a jikin mayafi, da zif mai saurin lalacewa. Warin daga gaggawa yake zuwa, don haka muna barin fata ta sha iska a inuwa sosai kafin mu yanka. Kowace jaka muna yi mata shafi da yadi a ciki, muna kuma goga farin ƙyalle mai ɗan laima a bayanta kafin ta bar shago. In ya ɗauko launi, ba ta fita. Zif dai saye muke yi, amma mai ƙarfe muke sa wa, kuma wanda ya lalace cikin wata shida gyaransa a kanmu yake.

A farashin sari, jaka da takalminta ₦22,000 ne, jaka kaɗai ₦15,000. Ƙarfinmu bai wuce saiti 30 a wata ba, da damina ma yakan ragu saboda fata ba ta bushewa da wuri. Gara in faɗa tun yanzu.

Idan Hajiya ta ga dama, zan kawo saiti huɗu, ja da baƙi da ruwan ƙasa da kore, a ajiye a shago na mako biyu ba tare da an biya ko sisi ba. Wanda aka saya a ba mu kuɗin sari, wanda ya rage in zo in ɗauka. In kuma an fi son a fara ganin hotuna, sai in turo su ta nan. Ban haɗo su yanzu ba don kada in cika wa Hajiya akwati da abin da ba ta nema ba.

Babu gaggawa ko kaɗan. Na san hidimar biki ta yi yawa kafin azumi, ko bayan Sallah aka waiwaye ni daidai ne. In kuma kayan ba su dace da tsarin shagon ba, wallahi ba komai, ba sai an wahala da amsa ba, ni ma ba zan dami Hajiya da saƙonni ba.

Allah shi ƙara buɗi, shi albarkaci kasuwa. A gaida Alhaji da yara.

Wassalam,
Nasiru Baduku
Shiyar Madunka, Sakkwato