Neman izinin canza kaya a hotunanki na talla

Assalamu alaikum ƙanwata, ya gida, ya su Inna? Antinki ce mai shagon atamfa nan Tudun Wada, Gusau.

Wata alfarma nike nema. Kin tuna hotunan da munka ɗauke ki da leshi ruwan zuma? To sabbin kaya sun iso min daga Kantin Kwari, ga sallah ta matso kuma na san kin koma makaranta ba lokacin sake shiga situdiyo, shi ne mai hoton ya ce zai iya cire leshin a kwamfuta ya ɗora maki doguwar rigar atamfa shuɗiya da abaya baƙa, a hotuna ukku kawai. Na ce ya dakata, ba mai taɓa hoton ɗiyar mutane sai da yardarta.

Fuskarki ba za a taɓa ba, ba ƙara haske ba rage jiki, mayafinki na nan yadda kinka yafa shi, hannun riga har wuyan hannu. In ya gama ke za ki fara gani, wanda bai maki ba a goge shi nan take. A sitatus ɗina na WhatsApp da Instagram ɗin shago kaɗai zan sa, tsawon wata 2, kuma zan ƙara maki naira 15,000 bisa kuɗin farko.

Don Allah ki shawarci Baba tukunna. In kin amince ki rubuto min a rubuce kafin Juma'a, in ba ki so wallahi ba komi, leshin zai zauna yadda yake.

Na gode, a gaida mutan gida.
Antinki