Neman Sauƙin Aiki Na Ɗan Lokaci Saboda Ciwon Wuyan Hannu

Kakuri, Kaduna.

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ina neman alfarmar a sauya mini aiki na tsawon mako 6.

Shekarata 4 ina ɗinke bakin buhu a sashen cika kaya. Tun watan jiya wuyan hannuna na dama yake ciwo, daga gindin babban yatsa ya hau sama. Yanzu ko buta na ɗaga zan yi alwala sai na ji kamar an soka mini allura. Likita ya ce jijiyoyin da ke motsa yatsan ne suka kumbura saboda maimaita aiki iri ɗaya. Ya ba ni magani da abin ɗaure hannu, ya hana ni riƙe keken ɗinki da ɗaukar nauyi. Takardarsa na haɗe da wannan wasiƙa.

Ba hutu nake nema ba, ina da iyali, kuma ina son aikina. Zan iya ƙirga buhuna wajen lodi ko duba kaya a sito. In an amince, zan nuna wa wanda zai riƙe keken yadda ake saita shi.

Ranar Litinin zan koma asibiti, zan kawo muku abin da likita ya rubuta.

Na gode,
Sani, sashen cika kaya