Amsa kan fankar da kika dawo da ita

Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma. Ya gida, ya kuma fama da zafi?

Fankar ta iso. Direban motar Gumel ya sauke ta a tasha jiya da la'asar, ƙanena ya je ya ɗauko. Na kuma saurari saƙon muryar da kika turo ta WhatsApp, na ji zancen rashin lafiyar Baba da zaman jinyar da kuka yi a Dutse. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce.

Hajiya, gara in faɗa miki gaskiya tun yanzu: ba zan iya mayar miki da naira 38,000 ɗinki ba. Ƙa'idarmu kwana 7 ce daga ranar da kaya ya shiga hannun mai shi, tana rubuce a ƙasan rasit, na kuma maimaita miki ranar da kika turo kuɗin. Kin karɓa ran 4 ga wata, ta dawo ran 20, kwana 16 ke nan. Ba don ban yarda da uzurinki ba, wallahi na yarda. Dilan da nake sara a wurinsa a kasuwar Sabon Gari kwana 10 kawai yake ba ni, in sun wuce ko kallon kayan ba ya yi. Da kin kira ni cikin satin farko, ko da fankar ba ta taso ba, da na sanar da shi ya ɗaga mana ƙafa.

Duk da haka ban ajiye ta a lungu ba. Da daddare na cika mata caji na kunna. Injin lafiya lau, kai yana juyawa, fitilar tana kamawa, sai dai ko minti 40 ba ta yi ba ta tsaya. Kin yi gaskiya, batirin ba ya riƙe wuta, kuma wannan ba laifinki ba ne. Rimot ɗin ne ban gani a kwalin ba, ki duba ko yara sun ɗauka. Kwalin ma ya jiƙe ta gefe ɗaya, saboda haka ba za ta sake sayuwa da sunan sabuwa ba.

Ga abin da zan iya. In kin amince, in sa mata sabon batiri daga aljihuna, in gwada ta kwana guda, sannan in ba direba ya kawo miki, kuɗin mota kawai za ki biya. In kuma fankar ta fita daga ranki, ki zaɓi kayan naira 30,000 a shago, ko fitilar sola ko tukunyar gas, ni in riƙe ta in sayar a matsayin ta hannu.

Ran Litinin zan shiga Kano sari, don haka ki daure ki ba ni amsa kafin Lahadi da dare, in san ko zan sayo batirin. Ki yi haƙuri don Allah. A gaida Baba da jiki.

Naki,
Mai shagon kayan sola, Gezawa