Bayanin Shawarar Fara Ciyarwa ta Jijiya da Lissafin Haɗinta: Majinyacin Gado na 14, Ɗakin Tiyata na Maza

Talata, 14 ga Oktoba 2025, ƙarfe 10:30 na safe. Likitan kwamitin kula da abincin majinyata ne ya rubuta, bisa buƙatar likitan tiyata mai kula da majinyacin.

Majinyacin namiji ne ɗan shekara 42, wanda aka yi wa tiyata ranar 25 ga Satumba saboda hujewar hanji sakamakon taifot, aka sake buɗe cikinsa ranar 3 ga Oktoba don kwashe mugunyar da ta taru. Ranar 7 ga Oktoba ruwan hanji ya fara fita ta bakin ɗinkin, kuma hoton da aka ɗauka da ruwan rini ya nuna cewa yoyon yana sashen sama na ƙaramin hanji, ga kuma tsukewa a ƙasa da shi. A kwana ukun da suka wuce yoyon yana zubar da kimanin mililita 1,400 a kullum, alhali duk yoyon da ya haura mililita 500 a rana ana lissafa shi cikin masu zuba da yawa. Nauyinsa a yau kilo 56 ne, tsawonsa mita 1.72, ma'aunin nauyi bisa tsawo 18.9. Wata biyu da suka wuce nauyinsa kilo 64 ne, wato ya zubar da kashi 12.5 cikin ɗari. Ba kumburi a ƙafafunsa, saboda haka da nauyin yau aka yi duk lissafin da ke ƙasa.

Gwajin jinin safiyar yau, a ma'aunin milimol cikin lita, ya nuna sodiyam 133, fotasiyam 3.2, fosfet 0.62, magniziyam 0.60, bayikabonet 18, kalsiyam 1.98, suga 6.4, kitsen jini 1.3. Albumin giram 26 ne cikin lita, kiriyatinin maikuromol 78, fitsarin jiya mililita 1,100, sodiyam na fitsari kuwa milimol 12 cikin lita.

Dalilin shawarar

Ciyarwa ta jijiya ba a fara ta don majinyaci ya rame kawai, ba kuma don albumin ya sauka ba, domin albumin kan faɗi a duk lokacin da jiki ke fama da ƙwayar cuta ko rauni, ko da mutum yana cin abinci sosai. Abin da ake tambaya shi ne ko hanjin yana aiki, ko ana iya kaiwa gare shi, da kuma tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya iya ɗaukar nauyin mai shi. Muddin hanji na aiki, shi ya fi cancanta, saboda ya fi sauƙin kuɗi, ya fi ƙarancin haɗari, kuma abincin da ke ratsa shi yana kare lafiyar bangonsa.

A wannan majinyacin an gwada hanjin, kuma bai ɗauka ba. Kwana tara ke nan abin da yake samu bai kai rubu'in buƙatarsa ba. Daga 10 zuwa 12 ga wata an ba shi abincin ruwa ta robar hanci a hankali, tare da magungunan rage zubar yoyo, lofaramayid da omefirazol, amma zubar yoyon ta ƙaru daga mililita 900 zuwa 1,400, ga amai. Zura roba ta bakin yoyon don ciyar da hanjin ƙasa ba zai yiwu yanzu ba saboda tsukewar, kuma likitan tiyata ba ya ganin dacewar sake buɗe cikin nan kusa. Ƙa'idar 2016 ta ASPEN, ƙungiyar masana ciyar da majinyata ta Amurka, ta yarda a jira mako guda ga majinyacin da jikinsa ke da ƙwari, amma ta ce a fara da wuri ga wanda rama ta riga ta kama idan hanji ya gaza, kuma majinyacinmu yana cikin rukuni na biyu. Hawan jininsa ya daidaita ba tare da magani ba, zazzaɓi ya sauka kwana biyu ke nan, ana kuma sa ran buƙatar za ta wuce mako biyu. A ganina sharuɗɗan sun cika, kuma ƙarin jinkiri cutarwa ne.

An zauna da majinyacin da yayansa, an bayyana musu amfanin abin, da haɗarin shigar ƙwayar cuta ta robar jijiya, da kuɗin da ledojin abincin jijiyar za su ci a mako, domin katse ciyarwar a tsakiya saboda rashin kuɗi abu ne da ya kamata a tsara yadda za a kauce masa tun yau. Sun amince, majinyacin ya sa hannu.

Lissafin ƙarfi, furotin, kitse da suga

An ɗauki kilokalori 30 da furotin giram 1.5 ga kowane kilo a rana. Mai yoyon hanji yana buƙatar giram 1.5 zuwa 2, an kuwa fara da na ƙasa har a ga yadda ƙoda za ta ɗauka. Giram ɗaya na amino asid yana ba da kilokalori 4, na dekstiros 3.4, mililita ɗaya ta ruwan kitse mai kashi 20 kuma tana ba da 2.

```
30 kcal x 56 kg = 1680 kcal
amino asid: 1.5 g x 56 = 84 g = 336 kcal (10%, 840 mL)
kitse: 50 g = 500 kcal (20%, 250 mL)
dekstiros: (1680 - 336 - 500) / 3.4 = 248 g, an cike 250 g = 850 kcal (50%, 500 mL)
jimla = 1686 kcal
saurin suga: 250000 mg / (56 x 1440) = 3.1 mg/kg/min
```

Kitsen ya kama giram 0.9 ga kilo, bai kai iyakar giram 1 da muke bi ba, saurin sugan kuma yana ƙasa da miligiram 5 ga kilo a minti, wanda idan aka haura shi suga kan hau, hanta ta tara kitse. Furotin giram 84 daidai yake da nitirojin giram 13.4, wato kimanin kilokalori 100 marasa furotin ga kowane giram na nitirojin. Amino asid da dekstiros kaɗai sun kai kaurin haɗin kusan miliyosmol 1,200 cikin lita, alhali jijiyar hannu ba ta jure fiye da 900, saboda haka dole a sa robar babbar jijiya, a tabbatar da mazaunin bakinta da hoton ƙirji, a kuma keɓe rami ɗaya ga abincin kaɗai, ba magani, ba ɗibar jini.

Wannan cikakken haɗin ba na yau ba ne, kuma ina roƙon duk wanda zai karɓi aiki ya lura da hakan. Jikin da ya daɗe cikin yunwa idan aka kwarara masa suga, insulin yakan tashi ya kora fosfet da fotasiyam da magniziyam cikin ƙwayoyin jiki, su ragu a jini, abin da kan jawo rikicewar bugun zuciya, kasawar numfashi, farfaɗiya, har da mutuwa. Bisa ƙa'idar hukumar NICE ta Birtaniya ta 2006, saukar waɗannan sinadarai kafin a fara ciyarwa ta isa ta sa mutum cikin masu babban haɗari, shi kuwa duka ukun sun sauka, ga asarar nauyi fiye da kashi 10, ga fiye da kwana biyar ba abincin kirki. Saboda haka za a fara da kilokalori 10 ga kilo: amino asid giram 40, dekstiros giram 60, kitse giram 20, jimla kilokalori 564. A dakatar da ƙarin ruwan dekstiros mai kashi 5 da yake sha yanzu, domin kowace lita tana ɗauke da suga giram 50, wato kilokalori 170 da ke shiga ba a lissafa ba. A ba shi tayamin, wato bitamin B1, miligiram 200 ta jijiya aƙalla minti 30 kafin a rataya leda ta farko, a ci gaba kullum har kwana goma. Idan gwaji ya yi kyau, a rana ta uku a kai kilokalori 15 ga kilo, a ta biyar 20, a ta bakwai cikakken haɗin.

Ruwa da gishirin jini

Buƙatar ruwa ta yau da kullum mililita 35 ce ga kilo, wato 1,960, an cike 2,000: leda mai mililita 1,750 da za ta tafi a kan mililita 73 a awa, da kitse daban cikin awa 12. Abin da yoyon ya zubar za a mayar da shi mudu da mudu da ruwan Hatman ta wata jijiya, kada a ƙara saurin ledar abinci don cike wannan giɓi. Ba kamar suga ba, gishirin jini za a ba da su cikakku tun ranar farko.

```
Na: 1.5 x 56 = 84, an rubuta 80 mmol
K: 2 x 56 = 112, an rubuta 110 mmol (4.6 mmol/h)
PO4: 0.5 x 56 = 28, an rubuta 30 mmol
Mg: 0.2 x 56 = 11.2, an rubuta 12 mmol (MgSO4 50%, 6 mL)
Ca: 1.98 + 0.02 x (40 - 26) = 2.26 mmol/L, an rubuta 5 mmol
```

Fosfet ɗin da ke famasi sodiyam gilisarofosfet ne, wanda kowane milimol nasa ke zuwa da sodiyam milimol 2. Ke nan milimol 30 ya riga ya kawo sodiyam 60, saura 20 kaɗai za a ƙara, a matsayin asitet. Fotasiyam kuma an raba shi, 70 kulorayid, 40 asitet, domin bayikabonet 18 alama ce ta cewa jini ya fara tsami saboda asarar ruwan hanji, asitet kuwa jiki yana mayar da shi bayikabonet. Ruwan ƙaramin hanji yana fita da sodiyam kusan milimol 100 a lita, wato 140 a rana a wajensa, Hatman mililita 1,400 kuma zai kawo kusan 183. Na bar wannan rarar da gangan, tun da sodiyam na fitsari ƙasa da 20 yana nuna jiki na cikin ƙarancinsa. Kalsiyam ɗin gulukonet ne za a sa, kuma mai haɗa magani ya duba jituwarsa da fosfet kafin haɗi, domin idan suka daskare cikin leda suna iya toshe jijiyoyin huhu. A ƙara bitamin da ƙananan ma'adinai na kullum, da zinki miligiram 17, bisa lissafin miligiram 12 ga kowace lita da yoyo ya zubar.

Sa ido da sharaɗin tsayawa

A auna fotasiyam, fosfet da magniziyam kafin leda ta farko, sannan kowace awa 12 a kwana ukun farko, daga nan kullum har mako ya cika. A auna suga kowace awa 6, a riƙe shi tsakanin 7.8 da 10, a fara insulin idan ya haura 10 sau biyu a jere. A rubuta nauyi, shigar ruwa da fitarsa kullum, gwajin hanta da kitsen jini sau biyu a mako, a dakatar da kitse idan ya wuce 4.5. Idan fosfet ya sauka ƙasa da 0.5, ko fotasiyam ƙasa da 3.0, kada a ƙara mataki: a rage dekstiros da rabi, a cike giɓin ta wata jijiya daban, a kira kwamiti nan take. Idan fitsari ya gaza mililita 28 a awa, a sauke ledar har a sake lissafin fotasiyam. Zazzaɓin da ya kai 38 a ɗauke shi a matsayin cutar robar jijiya har sai gwajin jini ya nuna akasin haka.

Ba a hana shi kurɓar ruwan gishiri da suga kaɗan-kaɗan ba, amma a taƙaita tsurar ruwa da shayi, saboda suna ƙara zubar yoyon. Da zarar zubar ta sauka ƙasa da mililita 500 za a sake gwada hanjin, kuma idan ya ɗauki kashi 60 na buƙatarsa kwana biyu a jere, za a fara janye ledar. Za a rataya leda ta farko ƙarfe 6 na yammacin yau bayan hoton ƙirji da sakamakon gwaji, kwamiti kuma zai dawo gobe Laraba ƙarfe 9 na safe.