Darasin Lissafi: Gano Iyakokin Gefe na Uku na Alwatika

Ɗalibai, wannan takarda ta 'yan aji uku na ƙaramar sakandare ce, ku da ke shirin jarrabawar fita. Kafin ku ci gaba da karatu, kowa ya samo karan dawa busasshe, ya yanko guda biyu, ɗaya santimita 7, ɗaya santimita 12. Ku haɗa bakinsu da ƙaya ko ƙaramar ƙusa yadda za su riƙa buɗewa suna rufewa. Tazarar da ke tsakanin sauran bakunan biyu da ba a haɗa ba, ita ce gefe na uku na alwatikarku.

To, ku fara buɗe karan a hankali. Tazarar tana ƙaruwa, tana ƙaruwa, har karan biyu su miƙe sambal kamar sanda guda. A nan tsawon ya kai 7 + 12 = 19, amma alwatika ta ɓace, miƙaƙƙen layi kawai ya rage. Sai ku koma kuna rufewa har gajeren karan ya kwanta a kan dogon. Abin da ya leƙo na dogon karan shi ne 12 − 7 = 5, kuma nan ma babu alwatika. Ashe ke nan gefe na uku yana yawo ne tsakanin 5 da 19, ba ya taɓa 5, ba ya taɓa 19.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan ita ce: a kowace alwatika, in aka haɗa tsawon gefe biyu, kowane biyu aka ɗauka, dole jimlarsu ta fi na ukun. Tsohuwar ƙa'ida ce. Euclid ya kafa mata hujja a Iskandariyya ta ƙasar Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ita ce mas'ala ta 20 a kashi na farko na littafinsa. An ruwaito cewa wasu masanan Girka sun yi masa ba'a, suka ce ai ko jaki ya san haka, domin in ya hango harawa kai tsaye yake nufarta, ba ya zagaye. Gaskiya ne hanya miƙaƙƙiya ta fi kusa, sai dai mu aikinmu shi ne mu fitar da lambobi daga cikin wannan gaskiyar.

Mu kira gefen da ba mu sani ba c. Ƙa'idar ta ba mu sharuɗɗa uku, domin hanya uku ce ake iya ɗaukar gefe biyu:

7 + 12 > c, wato c < 19
7 + c > 12, wato c > 5
12 + c > 7

Sharaɗi na uku bai ƙara mana komai ba, tunda 12 shi kaɗai ya riga ya fi 7. Na farko ya ba mu iyakar sama, na biyu ya ba mu iyakar ƙasa. Amsa: 5 < c < 19.

Ina so ku tsaya a kan sharaɗi na biyu, domin a nan ne nake ganin maki yana zubewa duk lokacin da nake duba takardunku. Yawancinku kuna rubuta c < 19 ku ajiye biro. In haka ne, ai 2 ma ta gaza 19. Ku gwada da karanku: 2 da 7 sun zama 9, ta yaya za su haɗe bakin karan da ya kai 12? Ba za su kai ba ko da an kwantar da su a miƙe. Iyakar ƙasa daga ƙa'idar nan guda ta fito, kawai dai a wannan karon gefen da ba a sani ba shi ne yake taimakon gajeren gefe don su fi dogon. Wanda ya gane wannan ba ya bukatar hadda. A taƙaice, in a ne dogon gefe, b gajere:

a − b < c < a + b

Gefe na uku ya fi bambancinsu, ya gaza jimlarsu. Kullum a ɗebe ƙarami daga babba, domin babu tsawon da ke ƙasa da sifili. Kuma alamar < ce, ba ≤ ba.

Wani lokaci mai tambaya yakan ce c cikakkiyar lamba ce, ya nemi mafi ƙanƙanta, mafi girma, ko adadinsu. A misalinmu mafi ƙanƙanta 6, mafi girma 18, kuma daga 6 zuwa 18 lamba 13 ne. Ku ƙirga da yatsa ku gani, kada ku ce 18 − 6 = 12 ku wuce, domin ita 6 ɗin ma tana cikin lissafi.

Ga wani misali daga abin da muka saba gani a nan Argungu. Wani manomi yana da lambu a fadama mai kusurwa uku. Ya auna gefe biyu, ɗaya mita 40, ɗaya mita 65, na ukun kuwa ruwa ya kwanta a kai bai aunu ba. Yana son sayen wayar shinge da za ta zagaye lambun sau ɗaya. Gefe na uku yana tsakanin 65 − 40 = 25 da 65 + 40 = 105. Gefe biyun da aka auna sun haɗa mita 105, saboda haka kewayen lambun ya fi 105 + 25 = 130, ya gaza 105 + 105 = 210. Lissafin bai gaya masa ainihin tsawon ba, sai ya san girman kusurwar da ke tsakanin gefen biyu kafin ya samu wannan, kuma darasin yana jiranku a babbar sakandare. Amma ya tabbatar masa cewa mita 130 ba za ta isa ba, mita 210 kuwa za ta isa har ta yi saura.

Akwai tambayar da nake ƙauna, domin tana rarrabe wanda ya fahimta da wanda ya haddace. Alwatika ce mai gefe biyu daidai, an ce tana da gefe mai 4 da mai 9. Nawa ne na ukun? Ko dai 4 ne ko 9. Iyakokin su ne 5 < c < 13, kuma 4 ba ta shiga ciki ba, tunda 4 + 4 = 8 bai kai 9 ba. Saboda haka c = 9, kewayen kuma 22.

In an sa harafi a cikin gefen, hanyar ba ta canzawa. A ce gefuna 5, 8 da 2x + 1 ne. Sai mu rubuta 3 < 2x + 1 < 13. A ɗebe 1 daga ko'ina: 2 < 2x < 12. A raba da 2: 1 < x < 6. Ku kula da ma'auni kuma: in an ba ku mita 1.5 da santimita 80, ku mayar da na farkon santimita 150 tukuna, sannan ku samu 70 < c < 230.

Aikin gida, a kawo ranar Litinin kafin a shiga aji, kowace amsa da sharuɗɗanta uku a rubuce:

1. Gefe biyu 9 da 15 ne. Nemo iyakokin gefe na uku.
2. Gefe biyu 6 da 6 ne. Cikakkun lambobi nawa ne za su iya zama gefe na uku?
3. Kafinta yana da katako mai mita 3 da mai mita 4.5. Zai iya haɗa alwatikar rufi da na uku mai mita 1.5? Kawo dalili.
4. Gefuna x, x + 2 da 10 ne. Nemo abin da x zai iya zama. A nan harafin ya shiga gefe biyu, don haka ku koma ga sharuɗɗan uku ku gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ta huɗu ta gagare shi ya zo da karansa ofishin malamai lokacin tara, mu warware ta tare.