Takardar koke zuwa Ofishin Ƙwadago kan kora daga aiki da riƙe haƙƙoƙi

Unguwar Mu'azu, Kaduna
Litinin, 14 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Kwanturolan Ƙwadago,
Ma'aikatar Ƙwadago da Samar da Ayyuka ta Tarayya,
Sakatariyar Tarayya, Kawo, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni Sani Garba, na kawo kukana gabanka a kan kamfanin robobi da ke Kudenda, wanda na yi wa aiki shekara takwas da wata goma sha ɗaya, ya kore ni ba sanarwa, ba takardar tuhuma, ba sisin kwabo. Sunan kamfanin da adireshinsa suna kan takardar ɗauka aiki da na liƙa a bayan wannan wasiƙa.

An ɗauke ni aiki a watan Maris na 2016 a matsayin lebura. Bayan shekara biyu aka ɗora ni a kan injin niƙa tsohuwar roba, kuma a kansa nake har ranar da abin ya faru. Albashina tun daga Janairun 2024 naira 85,000 ne a wata. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ba ni takardar gargaɗi ba. A duba fayil ɗina.

Ranar Talata 11 ga Fabrairu, 2025, ina aikin dare, roba ta cushe a bakin injin. Murfin kariyarsa ya karye tun kafin sabuwar shekara, da waya muke ɗaure shi, kuma sau biyu ina gaya wa shugaban sashenmu, yana cewa kayan gyara na hanya. Na kashe injin na sa hannu zan zaro robar, ashe wuƙaƙen ba su gama tsayawa ba. Suka datse mini kan yatsu biyu na hannun hagu. Abokin aikina Bitrus ya cire rigarsa ya naɗe mini hannun, ya tare mai keke-napep ya kai ni asibiti wajen ƙarfe biyu na dare. Motar kamfani tana ajiye a harabar, aka ce direba ya tafi da makulli.

Likita ya yi ɗinki, ya rubuta mini hutun jinya zuwa 22 ga wata, wato kwana goma na aiki. Washegari ƙanena ya kai takardar ofishin manajan ma'aikata, sakatariya ta karɓa ta buga hatimi a kan kwafin. Allah ya sa yaron ya yi wayon karɓo kwafin nan, don yanzu cewa suke ba su ga takarda ba.

Ranar Litinin 24 ga Fabrairu na koma da bandeji a hannu. Maigadin da muka shekara takwas muna shan shayi tare ya tare ni a ƙofa, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce, "Malam Sani, ka yi haƙuri, an ce kada in bar ka ka shiga." Ya miƙo mini ambulan. Layi uku ne a ciki: wai na yi fashin aiki ba izini, don haka an sallame ni daga ranar. Ba wanda ya kira ni ya ji ta bakina.

Sau huɗu ina komawa. Na farko aka ce manaja ya tafi Kano. Na biyu na wuni a benci da azumi a bakina har la'asar. A zuwa na huɗu ne akawu ya fito da naira 50,000 da wata takarda, ya ce in sa hannu cewa ba na bin kamfani komai, in samu na cefanen Sallah. Ranka ya daɗe, Allah ya sani a ranar ina buƙatar kuɗin nan, amma ban sa hannu ba.

Ni ba lauya ba ne, sakandare na gama, amma na sa an karanta mini Dokar Ƙwadago. Sashe na 11 ya ce wanda ya yi shekara biyar ko fiye, sanarwar wata ɗaya ake ba shi a rubuce, ko a biya shi kuɗin watan. Sashe na 16 ya ce ma'aikaci yana da damar hutun rashin lafiya har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa, muddin likita ya tabbatar. Nawa kwana goma ne, kuma ba zazzaɓi na kwanta da shi a gida ba, injinsu ne ya ji mini ciwo a bakin aikinsu. Ina fashin yake a nan? Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa kamfani ya kai rahoton hatsari irin wannan ga hukumar NSITF. Ina roƙon a tambaye su ko sun kai.

Akwai wani abu da ban gano ba sai bayan korar. Da na je kamfanin da ke riƙe mini asusun fansho, aka buga mini bayanin asusun, na ga rabon da a zuba ko kwabo tun Disambar 2023. Alhali kowane wata takardar albashina tana nuna an cire kashi 8 cikin ɗari, naira 6,800. Wata 13 ke nan, daga Janairun 2024 zuwa Janairun 2025: naira 88,400 daga gumina, ga kuma nasu kashi 10 da dokar fansho ta 2014 ta wajabta, naira 110,500. Ina zaton ba ni kaɗai ba ne, sai dai masu aiki a ciki ba za su iya magana ba.

Babban roƙona shi ne a kira mu zaman sulhu, ni da kamfani, a soke wannan kora a mayar da ni bakin aiki tare da biyan albashin watannin da na zauna. Hannun ya warke, ina riƙe abu da shi. In sun ga injin ya fi ƙarfina yanzu, akwai sito, akwai sashen ƙunsa kaya, duk na san aikinsu.

In kuwa sun ƙi, to su ba ni haƙƙina. Albashin Fabrairu da ba a biya ba, naira 85,000. Kuɗin madadin sanarwa, naira 85,000. Kuɗin sallama, wanda littafin ƙa'idojin kamfanin da kansa ya ce albashin wata ɗaya ne a kan kowace cikakkiyar shekara ga wanda ya haura shekara biyar, shekara takwas ke nan, naira 680,000. Kuɗin asibiti da magani da na ranto na biya, naira 46,500, rasit yana nan. Jimilla naira 896,500. Hutun shekarar 2024 da aka hana ni saboda yawan oda, na bar wa ofishinka lissafinsa. Kuɗin fansho, naira 198,900, ba a hannuna nake so ba, a zuba a asusun. Diyyar yatsuna kuma a bi ta hanyar da doka ta tsara. A kuma canza mini takardar sallama, domin da kalmar "fashin aiki" a jikinta ba kamfanin da zai ɗauke ni a Kudenda ko Kakuri.

Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Ya rasu da takardun haƙƙinsa a cikin leda a ƙarƙashin katifa, ana ce masa gobe, jibi. Ina da mata da 'ya'ya biyar, babbar za ta zana jarrabawar fita sakandare bana, kuɗin haya kuma zai ƙare a watan Yuni. An gaya mini akwai Kotun Ma'aikata a nan Kaduna, amma ba ni da abin ɗaukar lauya, kuma na fi son a gama a teburinka.

Na haɗa kwafin takardar ɗauka aiki, takardar kora, takardar likita mai hatimin kamfani, takardun albashi na wata 13, bayanin asusun fansho, rasit na asibiti da shafin kuɗin sallama na littafin ƙa'idoji. Na asalin suna hannuna. Bitrus ya yarda zai ba da shaida, amma har yanzu yana aiki a can, don haka ina roƙon a kira shi ta hannun ofishinka, kada a ce shi ya kawo kansa.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Sani Garba